Yadda Ake Rubuta Umarnin Hoton Takalmi: Tafi, Igiya, Tsayuwa da Inuwa

Manhajojin da ke ƙirƙiro hoto daga rubutu, irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion, waɗanda duk suka fito fili a shekarar 2022, suna aiki ne da umarni, wato 'yan layukan da mutum zai rubuta yana bayyana abin da yake son gani. Manhajar ba ta da kyamara, ba ta kuma da takalmi a gabanta. Tana farawa ne da dishi-dishi maras siffa, sannan ta riƙa tace shi mataki-mataki har ya yi kama da abin da aka rubuta, bisa ga abin da ta koya daga ɗimbin hotunan da aka horar da ita da su. Duk abin da umarnin bai faɗa ba, ita za ta cike shi da abin da ya fi yawa a cikin waɗancan hotuna. A nan ne takalmi yake ba da wahala, domin kaya ne da idon kowa ya sani ciki da waje. Wanda bai taɓa ɗinka takalmi ba ma zai ji a ransa cewa akwai matsala idan igiya ta shiga rami ba ta fito ba, ko kuma takalmin ya tsaya a kan daɓe ba tare da nauyi ba, ko da ya kasa faɗin inda matsalar take.

Abubuwa huɗu ne suka fi yanke hukunci a kan irin wannan hoto: tafin takalmi, igiyarsa, yadda aka tsayar da shi, da kuma ko yana zaune a ƙasa ko yana reto a iska. Ba su zaman kansu. Tsayuwar da aka zaɓa ita ke faɗin ko za a ga tafin, kuma reto ko zama shi ke faɗin yadda igiya za ta kwanta da inda inuwa za ta faɗa. Mafi yawan hotunan da suka lalace sun lalace ne saboda an nemi abubuwa biyu da kyamara ɗaya ba za ta iya gani a lokaci guda ba.

Misalin da za a bi a nan shi ne takalmin fata ruwan ƙasa na maza, mai igiya, mai tafin roba mai kauri, irin wanda ake sawa zuwa ofis kuma ya jure wa hanya maras kwalta. Da yake rubutun da aka horar da waɗannan manhajoji da shi yawancinsa Ingilishi ne, sun fi fahimtar umarni a wannan harshe, don haka za a kawo kalmomin yadda ake buga su a allo. Mai farawa yakan rubuta abu kamar haka:

```
brown leather shoe, product photo
```

Abin da zai fito yakan yi kyau a kallon farko. Fatar za ta yi sheƙi, bayan hoton zai yi fes. Sai an ƙura ido ake ganin cewa ramukan igiya biyar ne a gefe ɗaya, shida a ɗayan, tafin ba a san ko fata ne ko roba ba, inuwar kuma wani duhu ne da aka shafa a ƙasa wanda bai taɓa takalmin ba.

Tsayuwa da mazaunin kyamara

Da tsayuwa ake farawa, domin ita ce ke buɗe sauran ko ta rufe su. Masu ɗaukar hoton kayan sayarwa suna da tsayuwa kaɗan da suka saba da su. Akwai kallon gefe sak, inda kyamara take daidai da tsayin takalmin, ana buga shi `side profile`. Akwai kallon kusurwa, inda aka karkato hancin takalmin zuwa ga mai kallo har ana ganin gefe da gaba tare, shi ne `three-quarter view`. Sai kallon sama, `top-down view`, da kallon baya, `heel view`, da kallon ƙasa, `outsole view`. Ana yawan amfani da kallon kusurwa a kasuwannin intanet, domin shi ke nuna siffar hanci da igiya da kaurin tafi a hoto guda. Ƙa'idar Amazon game da babban hoton takalmi ma abin da ta nema ke nan: wari ɗaya, yana fuskantar hagu, a karkace da digiri 45, a kan fari tas.

Akwai wani ɗan lissafi da manhaja kan yi tuntuɓe a kansa, shi ne na hagu da dama. Kowane takalmi yana da gefen waje, wajen ƙaramin yatsa, da gefen ciki, wajen babban yatsa, inda tafin yake lotsawa ciki don bin lanƙwasar ƙafa. Idan hancin takalmi yana kallon hagun mai kallo kuma gefen waje ake gani, to warin hagu ne. Idan warin dama ne yake kallon hagu, gefen cikinsa za a gani. Wanda ya rubuta cewa yana son warin dama, yana kallon hagu, ana ganin gefen waje, ya nemi abin da babu, kuma manhajar ba za ta yi masa gardama ba, za ta dai haɗa masa wani takalmi mai siffar tsaka-tsaki wanda ba zai shiga kowace ƙafa ba. Kalmomin da ake bugawa su ne `lateral side` don gefen waje da `medial side` don gefen ciki.

Wari biyu sun fi wari ɗaya haɗari. Sau da yawa sukan fito duka na ƙafa ɗaya, ko ɗaya ya fi ɗaya girma, ko kuma su narke da juna a wurin da suka haɗu. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a dubi lotsawar tsakiyar tafi: a takalman gaske da aka jera, lotsawar biyu suna fuskantar juna. Wanda bai ƙware ba gara ya fara da wari ɗaya, in ya samu yadda yake so sannan ya ƙara na biyu, ya kuma faɗi inda kowanne yake, misali ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance a bayansa.

Tsayin kyamara ma yana sauya labarin. Kyamarar da ta sauka kusa da ƙasa tana sa takalmi ya yi kwarjini, tafin ya yi kauri, shi ya sa masu tallan kambas da but suke son ta. Wadda ta ɗan ɗaga sama tana nuna igiya da harshe, amma tana danne tafin. Ambaton gilashin kyamara mai dogon zango, kamar `85mm lens` ko `100mm lens`, yakan taimaka wajen hana hancin takalmi kumbura, domin a aikin gaske gilashi mai faɗin gani da aka kawo kusa shi ke kumbura abin da ya fi kusa da shi. Manhajar ba ta lissafa wannan kamar yadda gilashi yake yi, kawai dai kalmar tana jan ta zuwa ga hotunan da aka ɗauka a haka.

Tafin takalmi

Tafi ba abu ɗaya ba ne. Akwai shimfiɗar da ke taɓa ƙasa, `outsole`. A kambas da takalman gudu akwai ta tsakiya mai laushi wadda ke shanye bugun ƙasa, `midsole`. A takalman fata masu inganci kuma akwai siririn tsirin da ke zagaye da takalmin, wanda aka ɗinke sama da tafi a jikinsa, `welt`. Idan aka rubuta `sole` kawai, manhajar ce za ta zaɓa, kuma zaɓinta yakan zama baƙar roba mai tsagi maras tsari.

Zanen ƙasan tafi yana da iyalai sanannu, kuma kiran kowanne da sunansa ya fi dogon bayani amfani. Tafi mai manyan haƙora masu zurfi, `lug sole`, ya samo shahararsa ne daga Vitale Bramani, ɗan Italiya mai hawan duwatsu, wanda ya fito da tafin Vibram a 1937 bayan mutuwar wasu abokan hawansa a 1935. Zanen gidaje huɗu-huɗu, `waffle outsole`, ya yi suna ne ta hannun Bill Bowerman, kocin masu gudu kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Nike, wanda ya gwada zuba roba a injin gasa wata irin waina mai wannan zane, aka kuma fitar da takalmin a kasuwa a 1974. Akwai zanen ƙashin kifi, `herringbone tread`, na takalman ƙwallon kwando da tanis. Akwai tafin ɗanyen danƙo mai kurji-kurji, `crepe sole`, da roba mai launin zuma, `gum sole`, da kuma sumul ɗin tafin fata, `leather sole`. Da yake waɗannan sunaye sun bayyana sau da yawa tare da hotunansu, manhajar ta san kamanninsu fiye da yadda za ta gane jimlar da ke cewa tsagi mai kyau mai hana santsi.

Amma sunan zane ba zai yi amfani ba idan tsayuwar ta ɓoye shi. Takalmin da ke zaune a ƙasa, ana kallonsa daga kusurwa, gefen tafinsa kawai ake gani: kaurinsa, launinsa, ɗinkin da ya zagaye shi, da bakin haƙoran da suka leƙo. Idan a wannan tsayuwa aka nace sai an ga zanen ƙasa, ɗayan abu biyu ne zai faru. Ko manhajar ta murɗe takalmin kamar an matse wanki, sama yana kallon gaba, ƙasa yana kallon gefe, ko kuma ta hau da zanen tafin bisa gefen takalmin har ya kai ga fata. Duka biyun alama ce ta umarnin da ya saɓa wa kansa. Maganin shi ne a ba tafin hanyar da za a gan shi: a kwantar da takalmin a gefensa, ko a jingina shi da wani dakali dunduniya a sama, ko a kawo wari na biyu a kife, ko kuma a ɗaga shi a iska a karkace. Wanda ke son hoton tafi sosai gara ya ware masa hoto nasa.

Haske yana da nasa rabon a nan. Tsagi ba ya fitowa sai da inuwa a cikinsa, don haka hasken da ya bugo tafi gaba da gaba yakan baje shi. Hasken da ya zo daga gefe yana shafar fuskar tafin, `raking light`, shi ke cika kowane tsagi da duhu ya bar kowane haƙori da haske. Bayan hoto ya fito, abin dubawa shi ne ko zanen ya tafi da tsari ɗaya daga hanci zuwa dunduniya, domin yakan fara da kyau a tsakiya ya rikice a baki, haƙora su haɗe ko su ƙanƙance ba dalili. Rubutun da ke ƙasan tafi, kamar lambar girma ko tambarin kamfani, shi ma yakan fito a matsayin haruffan da ba na kowane harshe ba. Gara a nemi tafi maras rubutu, kuma a guji sa sunan wani kamfani a cikin umarni, domin yakan jawo tambarinsa ko rabin tambarinsa, abin da ba shi da kyau ga mai tallan nasa kayan.

Igiya

Igiya ita ce wurin da aka fi kama hoton ƙirƙira. Dalilin a fili yake. Igiya zare ɗaya ne mai baki biyu, wanda ke shiga rami ya ɓace ƙarƙashin fata ya sake ɓullowa a wani ramin, yana bi ta saman kansa da ƙarƙashin kansa bisa tsari. Manhajar ba ta bin zaren daga farko zuwa ƙarshe. Ta dai san yadda wurin igiya yake kama idan an hango shi, sai ta zana kamannin. Shi ya sa ake samun igiyar da ta fito daga jikin fata inda babu rami, da wadda ta rabu biyu a tsakiya, da ƙulli mai kunne uku, da baki uku ko huɗu suna lilo.

Ba a kawar da wannan gaba ɗaya, ana dai rage shi, ta hanyar rage abin da ake nema. Na farko shi ne irin zargen. Zargen gicciye, `criss-cross lacing`, shi aka fi sani, amma kowace mahaɗa wuri ne na kuskure. Zargen kwance, `straight bar lacing`, inda igiyar take bayyana a matsayin layuka madaidaita ɗaya bisa ɗaya, ba shi da mahaɗa a fili, don haka ya fi fitowa daidai, kuma dama shi ne ya dace da takalmin fata na ofis. Na biyu shi ne ƙulli. Masu ɗaukar hoto na gaske sukan tura bakin igiya cikin takalmi bayan harshe, don kada ƙulli ya rufe komai, kuma wannan dabara ta fi amfani ga manhaja, domin ƙullin ne ya fi ba ta wuya. Ana buga shi `lace ends tucked inside`.

Sai siffar igiyar kanta. Siririya mai zagaye da aka shafa wa kaki, `thin round waxed laces`, ta takalmin fata ce. Mai faɗi ta auduga, `flat cotton laces`, ta kambas ce. Idan ba a faɗa ba, akan samu faffaɗar farar igiya a kan takalmin ofis. Launi ma sai an faɗa, kuma a manna shi kusa da kalmar igiya, domin launuka sukan yi yawo a cikin umarni: wanda ya rubuta jar igiya a ƙarshen dogon layi yana iya samun jan tafi.

Yawan ramuka yana da muhimmanci ga wanda ya san takalmi. Sanannen but ɗin Dr. Martens mai lamba 1460, wanda aka fara yi a 1960, ramukansa takwas ne a kowane gefe, kuma duk wanda ya saba da shi zai lura idan suka zama shida. Waɗannan manhajoji ba su ƙware a ƙidaya ba. Faɗin adadi, kamar `four pairs of eyelets`, yana karkata sakamakon, bai tabbatar da shi ba, kuma ƙaramin adadi ya fi babba samuwa. Don haka ƙirga ramuka da ido, gefe da gefe, aiki ne da ba a tsallakewa. A takalman fata akwai kuma bambancin ginin wurin igiya. A irin `oxford` an ɗinke gindin fatun da ke ɗauke da ramuka a ƙarƙashin fatar gaba, sai wurin ya rufu. A irin `derby` an ɗinke su a samanta, suna buɗewa kamar fukafukai. Idan ba a zaɓi ɗaya ba, akan samu gefen hagu na wannan, gefen dama na wancan.

Zama a ƙasa ko reto a iska

Abin da ke gaya wa ido cewa abu yana zaune a ƙasa inuwa ce, kuma inuwar iri biyu ce. Akwai siririn duhu mai kauri daidai inda tafi ya taɓa ƙasa, inda haske ba ya iya shiga, ana buga shi `contact shadow`. Akwai kuma doguwar inuwar da ke faɗawa gefen da ke nesa da fitila, `cast shadow`. Ta farkon ce ke ba da nauyi. Idan babu ita, ko da ta biyun tana nan, takalmin zai yi kamar an yanko shi daga wani hoto an manna. Wannan shi ne reton da ba a nema ba, kuma ya fi faruwa a kan farin fili maras iyaka, inda manhajar ba ta da wata ƙasa da za ta dogara da ita. Ambaton abin da takalmin yake kai yana taimakawa sosai: daɓen siminti, katako, takarda mai launin toka, jar ƙasa.

Inuwar taɓawa ba ta bin tafin daga farko har ƙarshe. Kusan kowane takalmi hancinsa yana ɗan ɗagawa daga ƙasa don sauƙin taku, saboda haka duhun yakan saki kafin ya kai ƙarshen hanci. A takalmi mai dunduniya daban kuma akwai ɗan sarari a tsakiya, tsakanin dunduniya da gaba, inda haske kan ratsa. Hoton da ya ja baƙin layi ɗaya madaidaici daga hanci zuwa dunduniya ya nuna takalmin da ya nutse cikin daɓe. Doguwar inuwar kuwa dole ta yarda da hasken da ke kan fatar. Idan sheƙin yana saman hagu, inuwar ta faɗi dama. Idan fitilar babba ce mai laushi, `large softbox`, bakin inuwar ya yi laushi. Idan rana ce tsaka, bakinta ya yi kaifi.

Reto na gangan salo ne da ya daɗe kafin waɗannan manhajoji. Masu ɗaukar hoto sukan rataye takalmi da siririn zaren roba irin na fatsa, ko su ɗora shi a kan sanda, daga baya su goge zaren a kwamfuta. Sukan cusa takarda a ciki don kada ya lotsa, wani lokaci su zura waya a igiya don ta tsaya a yanayin tashi. Amfanin salon shi ne yana nuna sama da tafi tare, yana kuma ba da jin sauƙi da gudu. Don haka ya dace da takalmin gudu da na ƙwallo, amma bai cika dacewa da but ɗin aiki ko takalmin fata mai nauyi ba, waɗanda darajarsu tana cikin ƙarfin zamansu.

Idan reto ake so, sai a yi shi a fili. Takalmin da ya ɗaga da kaurin yatsa ɗaya kuskure yake kama da shi. A karkata shi, hanci ƙasa dunduniya sama ko akasin haka, a bar sarari bayyananne tsakaninsa da inuwarsa, inuwar kuma ta zama mai laushi da faɗi, domin inuwa tana ƙara baje wa gwargwadon nisan abu daga ƙasa. Igiya ma sai ta bi hukuncin: ko tana lilo ƙasa saboda nauyi, ko tana tashi baya saboda motsi, ko an tura ta ciki. Ba a haɗa `levitating` da `contact shadow` a umarni ɗaya.

Akwai hali na uku, wato takalmi a ƙafar mutum. Nan nauyi yana bayyana a jikin takalmin kansa: fata tana tattarewa a bayan yatsu, tafi yana lanƙwasa a gindin yatsu idan dunduniya ta ɗaga, robar tsakiya tana ɗan matsewa. Sai dai an ƙara wa manhajar aiki, domin yanzu akwai idon sawu da bakin wando da ƙafa ta biyu. Yanke hoton daga ƙasan gwiwa yana rage ɓarna.

Haɗa umarnin

Idan aka dawo kan takalmin ruwan ƙasa, hukuncin da ya dace da shi shi ne wari ɗaya, na hagu, a zaune, ana kallonsa daga kusurwa, kyamara a ƙasa. Wannan yana nufin gefen tafi kawai za a nema, ba zanen ƙasa ba.

```
single brown leather derby shoe, left shoe, toe pointing left,
three-quarter view, low camera, black rubber lug sole,
stitched welt, thin round waxed brown laces, straight bar lacing,
lace ends tucked inside, resting on grey concrete,
dark contact shadow, soft light from upper left, 85mm lens
```

Jerin kalmomin ba a banza yake ba. Abin da ya zo da farko yakan fi samun nauyi, kuma tsofaffin nau'o'in Stable Diffusion suna karanta guntayen kalmomi 77 ne kawai a tashi ɗaya, don haka cika umarni da kalmomin yabo irin su kyakkyawa da ƙasaitacce yana cinye wurin da ya kamata a ba igiya da inuwa. Hoton tafin kuma sai a yi shi daban, da gajeren umarni:

```
same shoe lying on its side, outsole facing camera,
deep lug tread, raking light from right, plain grey paper
```

Kalmar `same` tana aiki ne kawai a manhajar da ke riƙe da hoton farko ko aka ɗora mata shi a matsayin abin koyi. A wadda ba ta yin haka, sai an sake bayyana takalmin daga farko, kuma ko an yi, zai iya fitowa da ɗan bambanci.

Abin da ba a so ba a cika rubuta shi cikin jikin umarni ba, domin ambaton abu, ko da don a hana shi ne, yakan jawo shi. Stable Diffusion tana da gurbi na musamman mai suna `negative prompt`, Midjourney kuma tana amfani da `--no`, kamar `--no logo, text`, sannan `--ar 4:5` yana ba da hoto mai ɗan tsawo irin wanda ya dace da allon waya. Wajen gyara, abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a kuma riƙe lambar farawa, `seed`, yadda take, don a san wace kalma ce ta kawo wane sauyi. Idan komai ya yi daidai sai igiya, ba a jefar da hoton. Akwai hanyar da ake kira `inpainting`, inda ake shafe wurin da ya lalace kawai a sa manhajar ta sake zana shi, sauran hoton yana nan yadda yake.

Iyakar wannan sana'a tana bayyana ne idan akwai takalmi na gaske da ake son sayarwa. Duk tsawon umarni, abin da zai fito ɗan'uwan takalmin ne, ba shi kansa ba. Badukun da ya ɗinka takalmi a Kano yana tallansa ta waya, idan ya nuna hoton da ɗinkinsa da tafinsa suka bambanta da abin da zai aika, rigima da mai saye ce za ta biyo baya. Abin da ya fi masa shi ne ya ɗauki hoton takalmin na gaske a inuwa mai haske, daga tsayuwar da yake so, igiya a zarge yadda ya kamata, sannan ya sa manhajar ta sauya bayan hoton kawai. A wannan hali tafi da igiya sun riga sun samu daga kyamara, aikin umarni ya koma kan daɓe da haske da inuwa, kuma dole ne hasken sabon wurin ya zo daga gefen da ya zo lokacin da aka ɗauki takalmin.